Sauti Ɗaya Da Ke Saukar Da Hawaye: Waƙoƙin Indiya Na Daren Kaɗaici

A watan Disamba na 1970 Raj Kapoor ya saki fim ɗin da ya fi ƙwallafa rai a kansa, *Mera Naam Joker*. Ya shafe kusan shekara shida yana haɗa shi, ya zuba dukiyarsa a ciki, fim ya fito da tsawon fiye da awa huɗu, har sau biyu ake ba 'yan kallo hutu. Kasuwa ta ƙi shi, saura ƙiris kamfaninsa ya durƙushe. Amma a cikin fim ɗin akwai wata waƙa da Mukesh ya rera, wadda ta rabu da asarar ta kama hanyarta ita kaɗai. Har yau tana cikin waƙoƙin da mutum ke lalubowa a waya idan gida ya yi tsit, zuciya ta cika, yana neman abin da zai buɗe masa hanyar kuka.

A ƙasar Hausa ma haka ne, kuma ba abin mamaki ba ne. Tun da 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima, irin su Rex da Palace da Plaza da El Dorado a Kano, waƙoƙin suka shiga gidajenmu ta rediyo, daga baya ta kaset, yanzu ta memori. Mafi yawan masu saurarensu ba sa jin Indiyanci, sai 'yan kalmomin da aka tsinta a bakin jarumai. Duk da haka hawaye na zuba. Ke nan ba kalmomin ne kaɗai ke aikin ba, akwai wani abu a ginin waƙar kanta, kuma wanda ya gane shi zai fi iya zaɓar abin da zai saurara a daren da yake bukata.

Dalilin da ya sa aka tafi har Indiya neman waƙar kuka yana da nasaba da yadda namu waƙoƙin suke. Waƙar baka ta Hausa, a mafi yawanta, ta taro ce: ta sarki, ta attajiri, ta manomi, ta ɗan dambe, ta biki. Shata da Narambaɗa suna ɗaga mutum ne, su sa shi ya ji ya isa. Inda muke da kuka sosai shi ne a waƙoƙin wa'azi da bege, kamar *Imfiraji* ta Aliyu Namangi, wadda ke tuna wa mutum kabari da hisabi. Wannan kukan tsoron Allah ne da shauƙi, yana da gurbinsa. Amma kukan wanda aka raba da masoyi, ko matar da ke kewar mahaifiyarta, ko magidancin da ya waiwaya ya ga abokan ƙuruciya sun watse, ba mu cika rera shi a fili ba. Kunya da dauriya sun hana. An ce namiji ba ya kuka, mace kuma ana fara yi mata “yi haƙuri” tun hawayen bai kai kumatu ba. Waƙar Indiya ta shigo ta zauna a wannan gurbin, kuma rashin jin yaren ma taimako ya yi, domin kowa na iya ɗora nasa ciwon a kan muryar.

Sautuka biyar, ɗaya a sunkuye

Mu tsaya a kan waƙar Mukesh, mu ga abin da ke cikinta.

Mawaƙan Indiya suna gina waƙa ne a kan abin da suke kira raga, wato wasu zaɓaɓɓun sautuka da hanyar bi ta cikinsu. Matakan sautinsu bakwai ne: sa, re, ga, ma, pa, da, ni. Akwai ragar da ake kira Bhupali, wadda ke ɗaukar biyar kawai, ta bar ma da ni. Wanda ke da fiyano a kusa, irin wadda ake kiɗa da ita a situdiyo, ya danna C, D, E, G, A a jere, zai ji wani abu mai daɗi, sakakke, wanda kunnen Bahaushe bai baƙunta ba, don waƙoƙinmu na gargajiya da yawa a kan sautuka biyar suke tafiya. Waƙar Lata Mangeshkar a fim ɗin *Love in Tokyo* na 1966, wadda Asha Parekh ke rawa sanye da kayan Japanawa, a kan wannan ragar take, kuma babu ɗigon baƙin ciki a cikinta.

Yanzu a sake danna sautukan nan biyar, amma a sauke na uku da rabin mataki, wato maimakon E a danna baƙin maɓallin da ke hagunsa. Komai ya canza. Wannan ita ce ragar Shivranjani, kuma a kanta Shankar da Jaikishan suka ɗora waƙar *Mera Naam Joker*. Su ne dai suka yi kiɗan *Love in Tokyo*. Makaɗa ɗaya, sautuka huɗu ba su motsa ba, guda ɗaya aka sunkuyar, sai rawa ta koma makoki.

Abin da ke faruwa a kunne shi ne, sautin na uku ya matso dab da na biyu, har yana jingina da shi, sannan ya bar fili mai faɗi tsakaninsa da na huɗu. Duk lokacin da murya ta gangaro daga sama, sai ta tsallake wannan filin, ta faɗo kan sautin da aka sunkuyar, ta ɗan daɗe a wurin ba ta samu wurin zama ba, kafin ta zame ƙasa ta huta. Wannan ɗan jinkirin shi ne wurin da maƙogwaro ke ɗaurewa. A 1991 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, John Sloboda, ya tambayi mutum 83 su nuna masa daidai inda kiɗa ke sa su hawaye ko tsikar jiki ta tashi. Da ya bi wuraren da suka nuna ɗaya bayan ɗaya, ya tarar hawaye sun fi zuwa a inda murya ke sauka kan sautin da bai dace da kiɗan da ke ƙasa ba, ta matsa a kansa, sannan ta sauka kan wanda ya dace. Shi a kan kiɗan Turawa ya yi aikinsa, amma Shivranjani kusan gaba ɗayanta a kan wannan matsi da sakin aka gina ta. Mawaƙan Indiya kuma suna ƙara wani abu: ba sa tsalle daga sauti zuwa sauti, jan murya suke yi ta zame a tsakani, yadda muryar mai kuka take yi.

Sauran ginin waƙar duk hidima yake yi wa wannan. Tana buɗewa da doguwar shimfiɗa ta gogen Turawa masu yawa, suna hawa suna sauka, kafin a ji mutum. Bugunta uku-uku ne, mai lilo, ba ya kiran ƙafa. Sai Mukesh ya shigo, da muryarsa mai ɗan bi ta hanci, ba ya kwalliya, ba ya nuna gwaninta. Mohammed Rafi ya fi shi faɗin murya nesa ba kusa ba, Kishore Kumar ya fi shi ƙarfi, amma a ganina babu wanda ya kai Mukesh iya rera waƙa kamar wanda ya riga ya sallama. Hasrat Jaipuri ne ya rubuta baitocin, kuma tambaya ce kawai a kan kwanakin da suka shuɗe. Amshi yana ƙasa, baiti ya ɗaga murya sama, sannan a dawo amshi. Dawowar ta biyu ko ta uku ce ke karya mutum, domin a lokacin kunne ya san hanyar, yana jiran saukar tun kafin ta zo.

Wanda ya kalli fim ɗin yana da ƙarin kaya a kansa. Jarumin fim ɗin, Raju, ɗan wasan barkwanci ne, aikinsa ba mutane dariya. Mata uku ya so, malamarsa, da wata 'yar wasan Rasha, da wata da ya taimaka ta zama tauraruwa, kowacce ta tafi ta bar shi. Mahaifiyarsa ta mutu tana kallonsa yana wasa a kan igiya, kuma dole ya koma fage ya ci gaba da ba da dariya. Mukesh da kansa ya rasu a watan Agusta na 1976 a birnin Detroit na Amurka, yana cikin rangadin waƙa, kuma Raj Kapoor ya ɗauki rashin a matsayin rashin muryarsa shi kansa, don shi ne ya rera masa mafi yawan waƙoƙinsa.

Da zarar kunne ya gane Shivranjani, zai riƙa cin karo da ita. Ita ce a waƙar *Mehbooba* ta 1976, wadda R. D. Burman ya yi wa kiɗa, Kishore ya rera tasa, Lata ta rera tata. Ita ce kuma a fitacciyar waƙar *Ek Duuje Ke Liye* ta 1981, labarin saurayi da budurwa da ba sa jin yaren juna. Makaɗan fim sukan ɗan yi wayo a nan: a tsakiyar baiti sai su ɗaga sautin nan na uku ya koma mazauninsa na ɗan lokaci, haske ya shigo, sannan su sake sunkuyar da shi. Wannan ya fi baƙin ciki zalla ciwo.

Wace waƙa, a wane lokaci

Ba kowace waƙar baƙin ciki ce ke sa kuka ba, kuma nan ne masu neman kuka ke yawan kuskure. David Huron, wani masanin kiɗa da ya koyar a Jami'ar Jihar Ohio, ya raba abin gida biyu. Akwai waƙar jimami, mai tafiya a hankali, murya ƙasa-ƙasa, ba ta nisa daga inda ta fara. Akwai kuma waƙar makoki, inda murya ke hawa sama, ta yi ƙarfi, ta tsage. Ta farko tana sa mutum ya yi shiru ya shiga tunani. Ta biyu ce ke kwaikwayon kuka, kuma ita ke jawo shi. Wanda ya fara da ta biyu alhali yanzu ya ajiye hidimar yini, sai ya ji kamar ihu ake masa a kunne. Wanda kuma ya tsaya a ta farko har tsawon dare, zai kwana da nauyi a ƙirji ba tare da ya sauke ba.

Saboda haka jerin yana da tsari. A ɗauki misalin matar da ta yi shekara da rashin mahaifiya, yara sun yi barci, maigida ya yi tafiya, an idar da sallar isha'i. Tana da kamar awa ɗaya, kuma tsofaffin waƙoƙin nan kowacce minti huɗu zuwa shida ce. Waƙa biyar ko shida sun isa.

Ta fara da waƙar Lata a *Woh Kaun Thi?* ta 1964, wadda Madan Mohan ya yi wa kiɗa, Sadhana ta hau kanta a fim. Waƙar bankwana ce ta masoya da ba su da tabbacin sake haɗuwa, amma a natse take, ba ta da gaggawa, aikinta shi ne ta sassauta numfashi. Ta bi ta da ta Mukesh. Zuwa nan ido ya fara zafi.

Ta uku ita ce ƙofar, kuma dole ta dace da abin da aka rasa. Ga wannan matar, waƙar Rafi ce a *Neel Kamal* na 1968, inda uba, Balraj Sahni, ke sallamar 'yarsa Waheeda Rehman zuwa gidan miji. Ravi ya yi kiɗan, Sahir Ludhianvi ya rubuta. Rafi ya fara ta a daidaice, amma yana kusantar ƙarshe muryarsa na rawa, har ta karye a ji. Babu Bahaushiyar da ke bukatar tafinta a nan. Ta san daren kai amarya, ta san yadda aka ɓamɓare ta daga jikin uwa, ta san nasihar da aka yi mata tana lulluɓe ba ta ji rabinta ba saboda shessheƙa. A 2014 wasu masu bincike biyu a Berlin, Liila Taruffi da Stefan Koelsch, sun tambayi mutum 772 abin da suke ji idan suna sauraren kiɗan baƙin ciki, kuma abin da aka fi ambata shi ne kewar abin da ya wuce, ya ma fi baƙin cikin kansa yawa. Shi ya sa waƙar da mutum ya taɓa ji a rediyon ɗakin mahaifiyarsa ta fi sabuwa aiki, ko da sabuwar ta fi ta kyau.

Idan har yanzu da saura, akwai waƙar *Rang De Basanti* ta 2006, wadda Lata ta rera tare da A. R. Rahman tana da shekara saba'in da 'yan kai. Uwa ce ke kiran ɗanta ya fito daga wasan ɓuya, ta gaji da nema, shi kuma yana amsa mata daga inda ba za ta iya kaiwa ba. A fim ɗin ɗan matuƙin jirgin yaƙi ne da ya mutu a hatsari, uwar kuma Waheeda Rehman ce, amaryar nan ta 1968, yanzu da furfura. Muryar Lata ta tsufa a lokacin, tana ɗan girgiza, kuma wannan girgizar ce ƙarfin waƙar. Wanda ya rasa ɗan'uwa farat ɗaya kuwa, ba sallama, waƙar Jagjit Singh a *Dushman* na 1998 ta fi kusa da shi. Jagjit ya rasa ɗansa Vivek a hatsarin mota a 1990, matarsa Chitra ta daina waƙa tun daga nan, kuma masu saurarensa suna jin wannan a duk abin da ya rera bayan haka.

Daga nan sai a kashe waya. Mutane da yawa suna tsallake wannan matakin, alhali yana da dalili. A 2015 Asmir Gračanin da abokan aikinsa a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan sun nuna wa mutum 60 finafinai masu taɓa zuciya, 28 suka yi kuka, 32 ba su yi ba. Waɗanda suka yi kukan, da aka tambaye su nan take, sun fi jin ƙunci fiye da kafin a fara. Bayan minti 20 sun dawo yadda suke. Sai bayan minti 90 ne suka ce sun fi jin daɗi fiye da farko. Wato sauƙin da ake nema ba a cikin kukan yake zuwa ba, yana biyo baya ne, kuma yana son lokaci. Wanda ya share hawaye ya ji zuciyarsa ta ƙara nauyi, ya ce bari in ƙara wata waƙar, ya mayar da agogon baya ne. A wanke fuska, a sha ruwa, a yi alwala idan da hali, a zauna. In ana son wani sauti daga baya, a koma kan Bhupali, a ɗaga sautin nan da aka sunkuyar.

Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma kowa ya san inda ya tsaya. Amma a kan hawayen kansa babu ja: Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da furucin da ke nuna ƙin ƙaddara.

Inda abin ke ɓaci

Ba kowa wannan dare ke yi wa amfani ba. Sandra Garrido, wata mai bincike a Ostareliya da ta daɗe tana nazarin masu son waƙoƙin baƙin ciki, ta nuna cewa mutanen da ke da ɗabi'ar saƙa da warwara, masu juya magana ɗaya a rai ba iyaka, sukan fito daga sauraren da ƙunci fiye da yadda suka shiga, kuma sau da yawa suna cewa ya taimake su. Ana iya gane bambancin. Mai kukan lafiya yana tuna mutum: fuskarsa, dariyarsa, abin da ya saba faɗa. Mai saƙa da warwara yana tuhuma ne: me ya sa ni, da na yi kaza, ni ne sila. Na farko yana gajiya da waƙar bayan sau biyu, barci ya ɗauke shi. Na biyu yana maimaita waƙa ɗaya har asuba, gobe ma haka, kuma idonsa sau da yawa a bushe yake. Idan abin ya kai mako biyu, ga rashin barci, ga rashin cin abinci, ga fita daga sha'anin mutane, to ya wuce aikin waƙa, na likita ne da na 'yan'uwa. Wanda kuma rabuwar soyayya ke ɗanye a ransa, ni dai ba zan miƙa masa *Ek Duuje Ke Liye* ba, don labarin ya ƙare ne da masoyan sun hallaka kansu, kuma wanda ya san fim ɗin ba ya iya raba waƙar da ƙarshensa.

Za a ce ina waƙoƙinmu na zamani, ga su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da waƙoƙin rabuwa birjik? Kalmominsu suna da kaifi, wani baitin ma ya fi na Indiyawan shiga rai tunda da harshenmu ne. Matsalar a kiɗan take. Yawanci bugun fiyano yana tafe a guje a ƙarƙashin baitin, irin wanda za a iya takawa a wurin biki, sannan na'urar gyaran murya ta goge duk wata rawa da tsagewa, ta mayar da muryar sumul. To ai tsagewar ake nema. Da za a bi muryar Rafi ta *Neel Kamal* da wannan na'urar, da an kashe waƙar.

Irin wannan ɓarnar tana samun tsofaffin waƙoƙin Indiyan ma, don haka sai an duba wanda aka tura wa mutum. A ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990 kamfanonin kaset sun riƙa ɗora wa tsofaffin waƙoƙi wani ƙarin bugu na inji da amsa-kuwwa, ana rubuta Jhankar a jikin kwalin, don su yi daɗin ji a motocin haya. Da yawa daga abin da masu tura waƙoƙi a kasuwa ke zubawa a memori daga waɗannan kaset ɗin aka kwafo. Alamarsa ita ce wani ƙaras-ƙaras mai kaifi da ke tafiya daga farko har ƙarshe ba ya numfashi, ko a inda mawaƙi ya tsaya. A intanet kuma akwai waɗanda aka rage wa gudu aka cika da amo, ana rubuta Lofi ko Slowed + Reverb a gaban sunan. Waɗannan suna narkar da ɗan jinkirin nan da ke kan sauti na uku, sai waƙar ta zama hazo, ta sa gyangyaɗi. A nemi na asali, wanda aka ciro daga fim ɗin ko wanda kamfanin Saregama ya fitar, shi ne ya gaji yawancin tsofaffin fayafayan. A sauke su a waya tun da rana, a jera su, a kashe Autoplay da data, don kada talla ko waƙar rawa ta faɗo a tsakiyar baiti na uku. A gidan da ɗaki ke jingine da ɗaki kuma, iyafis ya fi lasifika, in ba haka ba kafin Rafi ya kai ƙarshe wata ta ɗaga labule tana tambayar ko lafiya.